Idan Yaro Ya Yi Laifi: Tambayoyi da Amsoshi Kan Zaman Gyaran Ɓarna da Bambancinsa da Shari'ar Kotu

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga bakin iyayen da aka kama ɗansu, da mutanen da yaro ya yi wa ɓarna, da masu unguwa a nan Maraɗi. An jero su daga na farko-farko zuwa masu zurfi.

Mene ne zaman gyaran ɓarna?

Zama ne da ake shiryawa bayan yaron da bai kai shekara 18 ba ya amsa cewa shi ya aikata laifi. Ana haɗa shi fuska da fuska da wanda ya cuta, kowane ɓangare da nasa mutanen, sannan a sami mai shiga tsakani wanda ba shi da dangantaka da ko ɗaya daga cikinsu. Yaron zai faɗi abin da ya yi da bakinsa. Wanda aka cuta zai faɗi abin da ɓarnar ta jawo masa. Daga nan sai a tsara, a rubuce, abin da yaron zai yi don ya gyara, da wa'adi, da sunan wanda zai sa ido.

Mai shiga tsakani ba ya yanke hukunci. Aikinsa ya yi tambaya, ya tsare dokar zama, ya hana manya danne yaro ko danne wanda aka cuta. Yarjejeniyar daga mahalarta take fitowa, kuma a ƙasashen da suka sa tsarin cikin doka, sai mai shigar da ƙara na gwamnati ko alƙali ya amince da ita kafin ta zama abin aiki.

Mene ne bambancinsa da shari'a a kotu?

Tambayoyin da kowanne yake nema wa amsa sun bambanta. Kotu tana son ta san ko an karya doka, ko wannan yaron ne ya karya, da kuma matakin da ya dace a ɗauka a kansa. Saboda haka take neman shaidu da hujjoji, lauya ya yi gardama, alƙali ya yanke. Zaman gyara kuwa yana farawa ne inda wannan gardama ta ƙare. An riga an san wanda ya yi. Abin da ya rage shi ne wa aka cuta, me ya rasa, kuma me za a yi masa.

Wannan ne yake canza matsayin kowa. A kotu, mai shigar da ƙara ne ke tuhumar yaro da sunan al'umma. Wanda aka cuta yana zuwa a matsayin mai shaida ko mai neman diyya, yana amsa abin da aka tambaye shi kawai. Yaron ma sau da yawa kansa a sunkuye yake, lauya na magana a madadinsa, wani lokaci da Faransancin da sai an fassara masa. A zaman gyara babu wanda zai yi magana a madadin yaron, kuma wanda aka cuta yana iya tambayarsa kai tsaye: me ya sa gidana ka zaɓa?

Kada a ɗauka kotun yara wurin mugunta ce. Ita ma ba a buɗe ta ga ƴan kallo, alƙalin yara yana duba rayuwar yaron da halin gidansu, kuma yana iya ɗaukar matakin tarbiyya maimakon ɗauri. Tana da abin da zama ba shi da shi: tana ɗaukar yaro marar laifi har sai an tabbatar, tana iya wanke shi, kuma ana iya ɗaukaka ƙara. Shi ya sa yaron da ya musa, kotu ce kariyarsa. Duba tambayar da ta shafi yaron da ya ce bai yi ba.

Ai mu ma muna sulhu gaban mai unguwa tun kaka da kakanni. Me wannan ya ƙara?

Gaskiya ne, kuma da yawa daga rigingimun da ke tasowa a Bagalam ko Mokoyo ko Sabon Gari a ƙofar mai unguwa ko liman suke mutuwa. Wannan gado ne mai amfani, zaman gyara ma a kansa zai fi sauƙin tsayuwa a nan. Amma a lura da yadda sulhunmu yakan gudana idan yaro ne ya yi laifi. Uba ne ke ba da haƙuri, kawu ya tsawatar, wataƙila a mari yaron a gaban kowa don a huce, sai a juya ga mai kaya a ce, "A yi haƙuri, a bar wa Allah." Yaron bai ce uffan ba. Mai kayan ya amsa don kunyar manya, ya koma gida da abinsa a ciki.

Zaman gyara ya ƙara abu uku a kan wannan. Yaron da kansa yake magana. Wanda aka cuta yana fara faɗin asararsa kafin kowa ya ambaci haƙuri. Sannan abin da aka amince ana rubuta shi, a bi shi har ya cika. A ganina na biyun ya fi wahala a wurinmu, domin mun saba gaggawar rufe magana, kuma muna ganin wanda ya tsaya lissafa asararsa kamar marar kawaici.

Akwai kuma iyaka ta doka. Ikon sasantawa da dokar Nijar ta ba sarakunan gargajiya ya shafi al'amuran al'ada da rigingimun dukiya da na ciniki. Laifin da dokar hukunta laifuka ta hana yana hannun mai shigar da ƙara, don haka mai unguwa yana iya taimakawa ƙwarai, amma ba shi ke rufe fayil ba.

Daga ina tsarin ya fito?

A 1974, a garin Elmira na ƙasar Kanada, wasu samari biyu suka yi ɓarna a dukiyar mutane 22 cikin dare ɗaya. Alƙali ya yarda aka kai su gida-gida suka fuskanci masu dukiyar, suka biya. Ana yawan ambaton wannan a matsayin mafarin sasanta mai laifi da wanda aka cuta a tsarin shari'ar zamani. Zama irin na iyali kuwa, Niyu Zilan ce ta fara sa shi cikin doka a 1989, bayan ƙorafin ƴan asalin ƙasar, Mawori, cewa hukuma tana raba ƴaƴansu da danginsu. A 1991 ƴan sandan garin Waga-Waga a Ostireliya suka fito da nasu salon mai jerin tambayoyi tsayayyu. Ayalan ta Arewa ta sa shi a dokarta ta 2002, Afirka ta Kudu kuma a dokar shari'ar yara ta 2008, wadda ta fara aiki a 2010.

Ina ƙofarsa take a dokar Nijar?

Dokar hukunta laifuka ta Nijar ba ta ɗora alhakin laifi a kan yaron da bai kai shekara 13 ba. Matakan kariya da tarbiyya kawai ake ɗauka a kansa. Daga 13 zuwa 18 alƙali yana duba ko yaron ya san abin da yake yi lokacin da ya aikata, kuma ko an same shi da laifi, hukuncinsa bai kai na babba ba. An kafa kotunan yara a 1999, sannan doka mai lamba 2014-72 ta 20 ga Nuwamba 2014 ta sake tsara ikonsu da yadda suke aiki.

Nijar ta amince da Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya a 1990. Sashe na 40 ya nemi ƙasashe su samar da hanyoyin warware laifin yaro ba tare da shari'a ba a inda ya dace, sashe na 37 kuma ya ce tsare yaro shi ne mataki na ƙarshe, na mafi gajeren lokaci. A aikace, ƙofar tana wurin mutum biyu. Mai shigar da ƙara yana da ikon ya kai magana gaba ko ya ajiye ta, kuma gyaran da aka yi wa wanda aka cuta yana cikin abin da yake dubawa. In maganar ta riga ta isa gaban alƙalin yara, shi ma yana iya la'akari da shi wajen zaɓen mataki. Don haka idan takarda ta riga ta shiga hannun ƴan sanda ko jandarma, a sanar da hukuma kafin a zauna, a kai mata yarjejeniyar bayan an tashi.

Ɗana ya ce bai yi ba, amma ana cewa ya amsa kawai a wuce wurin. Mu yarda?

A'a. Ƙa'idojin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2002 kan wannan tsari sun ce kada a yi zama sai akwai isasshiyar hujjar tuhuma, sai ɓangarorin biyu sun yarda da ainihin abin da ya faru, kuma sai sun shiga da son ransu. Yaron da ya kwana a tsare, yana jin yunwa, yana ganin uwarsa na kuka, zai iya amsa abin da bai yi ba don kawai a sake shi. Wannan shi ne haɗari mafi girma a tsarin baki ɗaya, domin zama ba shi da hanyar gano ƙarya kamar yadda kotu take da ita.

Ku nemi lauya ya gana da shi shi kaɗai kafin ya amsa komai. Hukumar ANAJJ an kafa ta ne don taimakon shari'a ga marasa hali, kuma yara suna cikin waɗanda take yi wa aiki. Wani lokacin kuma yaro yana amsa rabi: ya ce ya tsaya gadi amma ba shi ya shiga gidan ba. Ana iya zama a kan abin da ya amsa, muddin wanda aka cuta ya san iyakar abin da aka amsa tun kafin ranar.

Wa ke zuwa, kuma wane shiri ake yi?

Yaron da iyayensa ko mai riƙonsa, da wani babba da yaron yake jin nauyinsa da gaske, ko kawu ne, ko maigidansa a wurin koyon sana'a, ko malaminsa. Wanda aka cuta shi ma ya zo da wanda zai tsaya masa. Ma'aikacin kula da yara yana iya zuwa, lauya ma haka, amma don ya tsare haƙƙin yaro, ba don gardama ba. A kula da daidaito. Idan dangin yaro goma suka cika zaure, mace ɗaya tana zaune a gefe da ƙanwarta, an gama zaman tun ba a fara ba.

Yawancin aikin kafin ranar ake yin sa. Mai shiga tsakani yana zuwa gidan kowane ɓangare daban, ya ji labarinsu, ya bayyana musu cewa suna iya ƙi kuma suna iya tashi a tsakiya. Yana tambayar wanda aka cuta me yake so ya ji, me yake tsoro. Yana gwada yaron: zai iya faɗin abin da ya yi ba tare da ɗora wa abokai ba? In bai kai nan ba, a jinkirta. Wurin zama ya kasance na kowa, kamar ajin makaranta bayan an tashi. A zauna da'ira, kowa a tabarma ko kowa a kujera, kada wani ya fi wani tsayi.

Yaya zaman yake gudana daga farko zuwa ƙarshe?

Ga misali da aka ƙaga don bayani. Yaro mai shekara 15, mai tura kurar ruwa, ya kwance jar akuyar wata dattijuwa da mijinta ya rasu, ya sayar jika 22. Akuyar ta kai jika 35, kuma tana da ciki. An kama shi da jika 9 a aljihu, ya amsa. Mai shiga tsakani ya buɗe da dokar zama: ba zagi, ba duka, ba katse magana, abin da aka faɗa a nan ya tsaya a nan. Sai ya juya ga yaron: "Ɗana, faɗa mana abin da ya faru daren nan. Me kake tunani a lokacin? Wa kake ganin abin ya shafa?" Yaron ya yi shiru, uban ya buɗe baki zai amsa. "Malam, a yi haƙuri, a bar shi ya faɗa da kansa." Shirun yana iya daɗewa, kuma mai shiga tsakanin kirki ba ya gaggawar cike shi. A ƙarshe yaron ya ce bashi ake bin sa, ya ga igiyar a kusa da ƙofa, ya ɗauka tsohuwar tana da wasu.

Sai aka zo kan dattijuwar. "Inna, me kika fara ji da kika ga turken ba kowa? Me ya fi miki ciwo?" Ta ce da kuɗin adashi ta saye ta, ita kaɗai gare ta, tana jiran ta haihu ta sayar da ɗa ɗaya ta yi wa jikarta kayan makaranta. Ta ce tun ranar ba ta barci sosai, ko kaza ta motsa sai ta tashi. Abin da ya fi damunta kuma, kwana biyu tana zargin ɗan maƙwabciyarta, har sun daina gaisawa. Babu takardar tuhumar da za ta ɗauki wannan magana ta ƙarshe, yaron kuma bai taɓa kawo ta a ransa ba. Daga nan ƙanwarta ta yi magana, sannan uwar yaron, wadda ta ce kunya ta hana ta fita bikin unguwa.

Bayan kowa ya faɗi nasa, sai a sake komawa ga yaron a tambaye shi ko yana da abin cewa. A nan ne neman gafara yakan fito, in zai fito, kuma ba a umartarsa. Sannan a tambayi Inna abin da take so a yi. A tsarin Niyu Zilan ana barin iyalin yaron su keɓe su kaɗai su tsara shawararsu, su dawo da ita a tattauna. Duka zaman yakan ɗauki awa ɗaya zuwa biyu. Abin da aka tsara a wannan misali yana cikin amsa ta gaba.

Me ake sawa a cikin yarjejeniya?

A misalin akuyar, asarar jika 35 ce. An miƙa wa Inna jika 9 da aka samu a wurin yaron, saura 26. Uban ya ɗauki 14 zai biya cikin mako biyu. Sauran 12 yaron zai biya daga gumin kurarsa, jika ɗaya kowace Juma'a har mako 12, ta hannun kawunsa, a riƙa sa alama a takarda. Zai je da kawun gidan maƙwabciyar ya faɗa da bakinsa cewa shi ne, don a wanke ɗanta. Inna ta ce ba ta son ya riƙa shigar mata gida yana yi mata aiki, sai aka bar wannan. Cikin akuyar kuwa, ta ce ta bar shi, kuma ita ta faɗa, ba wani ya roƙa ba. Kawun ya ɗauki nauyin zama da mai bin yaron bashi, tun da nan matsalar ta faro.

A lura da abin da ya sa wannan yarjejeniya za ta iya cika. Kowane abu yana da adadi, da rana, da mai sa ido. "Zai gyara halinsa" ba sharaɗi ba ne, domin babu ranar da za a ce ya cika. An kuma bar wa yaron kaso da zai ji a jikinsa amma bai fi ƙarfinsa ba. Da uban ya zaro jika 26 nan take, da Inna ta sami kuɗinta da wuri, yaron kuma ya koyi cewa aljihun uba yana share komai. Doka tana ɗora wa iyaye biyan ɓarnar ƴaƴansu ƙanana da ke zaune tare da su, fiƙihun Malikiyya kuma ya ce yaron da ya lalata dukiyar wani ana biya daga dukiyarsa ko da bai balaga ba. Raba biyan tsakanin uba da ɗa bai saɓa wa ko ɗaya ba.

Abin da ba ya shiga: bulala, aske kai, zagaya unguwa da yaro, cire shi daga makaranta don ya yi aikin biya, ko wani nauyi da ya fi abin da kotu za ta ɗora masa a kan laifi irin wannan.

Ni aka yi wa ɓarna. Dole ne in je, kuma dole ne in yafe?

Ko ɗaya ba dole ba ne. Kana iya ƙin zuwa, kana iya aika wakili ko saƙo a karanta, kana iya zuwa ka tashi a tsakiya. Kana kuma iya karɓar diyyarka cif ba tare da ka ce ka yafe ba. Yafiya abu ce mai lada, amma wadda aka matso daga bakin mutum a gaban dattawa ba ta cire komai daga zuciyarsa. Idan ka ji ana ta maimaita maka "yaro ne", "ɗanka ne", "duniya ce" tun ba ka gama faɗin asararka ba, ka gaya wa mai shiga tsakani. Hana wannan yana cikin aikinsa.

Abin da mutane da yawa suke samu a zaman, wanda kotu ba ta cika ba su ba, amsa ce. Sun san ko an daɗe ana faƙonsu ko tsautsayi ne, ko yaron zai dawo, ko wani na gida ne ya nuna masa hanya.

Idan na janye ƙarata, maganar ta mutu ke nan?

Ba lallai ba. A tsarin shari'ar Nijar, janyewarka tana ajiye neman diyyarka ne. Tuhumar laifi ta gwamnati ce, kuma ban da wasu ƴan laifuka da doka ta rataya a kan ƙorafin wanda aka cuta, mai shigar da ƙara yana iya ci gaba ko da ka ce ka bari. Iyaye da yawa sukan biya, a yi musafaha, su ɗauka an gama, sai sammaci ya iso. Maganin wannan shi ne abin da aka faɗa a tambayar dokar Nijar: a rubuta yarjejeniya, kowa ya sa hannu ko ya dangwala, a kai ta ga hukumar da fayil yake hannunta, tare da shaidar biyan da aka yi.

Idan zaman ya watse, ko yaron bai cika alƙawari ba fa?

Maganar tana komawa ga mai shigar da ƙara ko alƙalin yara, a ci gaba ta hanyar da aka saba. Ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2002 sun ce shigar yaro zama ba za a ɗauke ta hujjar amsa laifi a shari'ar da za ta biyo baya ba, rashin cimma yarjejeniya shi kaɗai ba za a yi amfani da shi a kansa ba, rashin cika ta kuma ba dalilin tsananta hukunci ba ne. Waɗannan ƙa'idoji ne na shiryarwa ga ƙasashe, saboda haka iyaye su tambayi lauya tun farko me za a rubuta daga zaman, kuma wa zai karanta.

Kafin a ce yaro ya saɓa, a duba dalili. In ya tsallake Juma'a biyu saboda zazzaɓi ya kwantar da shi ko kurar ta lalace, a sake ɗan zama a gyara wa'adi. In ya daina zuwa kuma yana guje wa kawunsa, wannan saɓawa ce, kuma a gaya wa wanda aka cuta gaskiya da wuri. Mafi yawan lalacewa daga rashin bibiya take zuwa: an yi zama mai taɓa zuciya, kowa ya watse, babu wanda ya sake leƙowa. Wanda aka cuta a nan sau biyu aka cuce shi.

Waɗanne laifuka ne ba su dace da zama ba?

Nauyin laifi shi kaɗai ba ya hanawa. A Niyu Zilan ana zama har a kan manyan laifuka, ban da kisan kai, tare da kulawar kotu. Abin dubawa shi ne ko wanda aka cuta zai iya magana ba tsoro. Saboda haka fyaɗe da cin zarafin yarinya ba abin da za a kai zauren unguwa ba ne. A irin wannan, "sulhu" yakan koma rufa asirin gidan mai laifi, a ba iyaye kuɗi, ko ma a ce a aurar da ita gare shi. Wannan a kai shi asibiti da hukuma. Haka nan idan yaron ɗan aike ne na wasu manya masu sayar da ƙwaya ko masu sayen kayan sata, zama da shi kaɗai zai bar masu laifin na gaske a ɓoye, kuma yana iya jefa shi cikin haɗari in ya ambaci suna.

A ɗaya gefen, ƙaramin abu ma bai buƙatar zama. Yaron da ya tsinki mangwaro a lambu, gargaɗi ya ishe shi. Tara masa mutum takwas ya fi laifin nauyi.

Da gaske yana hana yara komawa ga laifi?

Yana ragewa, amma ba da yawa ba. Wani nazari da aka fitar a 2013 ya haɗa gwaje-gwaje goma da aka yi a Birtaniya da Ostireliya da Amurka, inda aka raba masu laifi ta hanyar ƙuri'a, wasu aka yi musu zama, wasu ba a yi ba. An sami ragin sake aikata laifi mai matsakaicin girma, kuma ya fi bayyana a laifukan duka da rauni fiye da na dukiya. Sakamakon da ya fi ƙarfi yana ɓangaren waɗanda aka cuta: sun fi gamsuwa, tsoro da son ramuwa sun ragu. Gwaje-gwajen sun haɗa da manya da yara, kuma an yi su a ƙasashen da ke da ma'aikatan bibiya.

Zama na awa biyu ba ya warkar da shan ƙwaya, ba ya cika cikin da yake kwana da yunwa. In dalilin satar yana nan, satar tana iya dawowa. Shi ya sa a misalin akuyar aka sa maganar bashin cikin yarjejeniya.

Yaron almajiri ne, iyayensa suna ƙauye ko ƙetaren iyaka. Ana iya zama?

Ana iya, amma sai an ƙara kula, domin tsarin ya dogara ne a kan yaro yana da babba a bayansa. A fara neman iyaye ta waya ko ta hannun maigarinsu, ko da zai jinkirta zaman mako ɗaya ko biyu. In ba su samu zuwa ba, malaminsa yana iya tsayawa, amma a tambayi yaron shi kaɗai tukuna ko yana so. Wani yaron tsoron malamin ya fi masa tsoron ɗan sanda, wani kuma kuɗin da ake sa shi ya kawo ne ya tura shi satar. In haka ne, a nemi ma'aikacin kula da yara, ko uwar ɗakinsa da yake yi wa aike, wadda sau da yawa ta fi kowa sanin halinsa a garin.

Yarjejeniyar ma sai ta dace da aljihunsa. Yaron da ke bara ba za a ɗora masa jika ɗaya a mako ba, domin hanyar da zai samo ta ita ce wadda ta kawo shi zaman. A nan gyaran yakan zama mayar da abin da ya rage na kayan, da ɗan aiki na awoyi ƙididdigaggu wanda ba ya cin lokacin karatunsa kuma wanda aka cuta ya yarda da shi, da sunan babba ɗaya da zai riƙa ganinsa kowane mako har wa'adin ya cika. Idan aka rasa wannan babban, a gaya wa alƙalin yara, domin yana da ikon ɗaukar matakin kariya a kan yaron da ke cikin haɗari, ko da an ajiye maganar laifin.